Farar Shadda a Hannun Marini: Gwanintar Riƙe Lissafin Kayan da Suka Bar Shago

Ba duk shaddar da ake gani a jere a shagunan Kano ce ta zo daga masaƙa da launinta ba. Akwai 'yan kasuwar da sana'arsu ita ce su sayi fara a Kantin Kwari, su ba da ita a rina musu, a buge, a ninke, sannan su sayar da ita da sunan shagonsu. Irin wannan ɗan kasuwa ba shi da tukunyar rini, ba shi da filin shanya, bai taɓa riƙe ɗan bugu ba. Abin da yake da shi yadi ne da masu saye, sai kuma idon da ya san launin da zai tafi a bana. Mataki ɗaya na aikin yana hannun wani, a wata unguwa, kuma muddin kayan suna can, jarinsa ne kwance a tsakar gidan da ba shi ke rufe ƙofarsa ba.

Kowa zai iya ɗaura yadi a bayan babur ya ce a kai wa marini. Wanda ya cancanci a kira shi gwani shi ne wanda in ka tare shi ranar Laraba da la'asar ka tambaye shi, zai gaya maka guda nawa ne nasa a waje, a hannun wa suke, tun yaushe, wane launi aka ce a yi musu, kuma nawa ya rage ya biya. Ya fi haka ma: in kaya suka dawo da giɓi, yana iya bambance giɓin da aikin kansa ya ci da wanda hannun mutum ya jawo. A kan wannan bambanci ne ake ɓatawa da marini ko a shekara ashirin tare.

Raba aikin tufa tsakanin hannaye da yawa tsohon abu ne a ƙasar Kano. Lokacin da Baturen nan Heinrich Barth ya zo birnin a 1851, ya tarar tufafin da ake saƙawa ana rinawa a nan suna kaiwa har Timbuktu da Ghat da Tarabulus. Ba mutum ɗaya ke yin turkuɗi daga auduga zuwa kasuwa ba. Mata ke kaɗi, masaƙa su fitar da sawaye 'yan siri-siri, maɗinka su harhaɗa su, marina su tsoma a karofi, mabuga su buge da shuni har ya yi walƙiya, kamar yadda garin Kura ya shahara da yi wa Buzaye. Attajirin da ya zuba kuɗinsa yana bin kayan ne daga hannu zuwa hannu. Yau garin rini na kanti ya karɓe mafi yawan aikin daga baba da toka, ko da yake rijiyoyin Ƙofar Mata, da ake cewa sun faro tun 1498, suna nan. Amma tambayar attajirin ba ta canza ba: me na bayar, me ya dawo, ina sauran?

Tushen lissafin duka fahimta ce guda ɗaya. Yadin da ya fita zuwa marina ba a sayar da shi ba, kuma ba a ci shi a aiki ba tukuna. Yana nan a cikin dukiyar mai shago, wurin zama kawai ya sauya. Abin da mai shago ke saye daga marini aikinsa ne. Saboda haka gwani ba ya goge farar shadda daga littafin kayansa ranar da ta fita. Yana ɗauke ta ne daga shafin sito ya mai da ta wani shafin da aka buɗe da sunan marinin, ta zauna a can har ranar da za ta dawo, sannan ta shiga shafin rinannun kaya. Wanda bai buɗe wannan shafi na tsakiya ba, ranar ƙidayar kaya zai ga sito ya yi ƙasa ya fara zargin yaran shago, ko kuma ya sake sayen farin da yake da irinsa jibge a marina. Haka nan ranar fitar da zakka, kayan da ke waje suna cikin abin da za a ƙiyasta.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi daga farko zuwa ƙarshe. Alƙaluman na misali ne, domin farashi yana motsi, kuma kowane yadi da halinsa.

Mai shago yana son ya fitar da shadda guda 40, kowace yadi biyar, wato ta kaftani da wando: 20 shuɗi mai duhu, 12 ruwan ƙasa, 8 ruwan toka. Wanda bai goge ba zai yanka yadi 200 ya aika. Gwani ba ya sa almakashi sai ya san yadda wannan yadin ke tsukewa, domin auduga in ta sha ruwan zafi karon farko tana komawa. Sai ya yanki guda ɗaya daga bandirin, ya auna ta da tef, inci 180 cif, ya ba marini ya bi da ita duk hanyar da sauran za su bi, har bugu. A ce ta dawo inci 175. Ke nan aikin kansa yana cin inci biyar a kowane yadi biyar. In ya yanka sauran a 180, duk za su dawo ba su cika ba, tela ya shimfiɗa ya ce wa mai saye an tauye shi, sunan shago ya ɓaci a kan abin da ba wanda ya sata. Don haka sai ya yanka kowace a inci 186, ta dawo 180 da ɗan ɗoriya. Guda 40 ɗin za su ci kusan yadi 207 ke nan, ba 200 ba.

Wannan guda ɗaya ta gwaji tana yin wani aikin kuma. Daga jikinta ake yankar ɗan ƙyalle a raba biyu, rabi ya zauna a littafin mai shago, rabi ya tafi hannun marini, sauran launukan ma a tsoma musu ƙyallaye a yi haka. Launi ba ya faɗuwa da baki. Shuɗin da ke zuciyar mai shago daban, wanda ke zuciyar marini daban, kuma hoton waya yana sauya launi gwargwadon hasken da aka ɗauke shi. Samfurin da aka raba shi ne alƙalin da duka biyun suka yarda da shi tun ba a fara ba.

Kafin a ɗaure kaya, akwai duba na fari, kuma an fi son a yi shi a gaban marini ko yaronsa. Ana warware kowace a ɗaga ta ga haske, ana neman ɗigon mai, da zaren da ya zare, da 'yar huda. Dalili shi ne rini ba ya ɓoye aibin farin yadi, fito da shi yake yi. Inda mai ya taɓa, launi ba ya kamawa sosai, sai wurin ya fito da haske kamar tambari, ranar karɓa kuma a rasa na wa ne laifin. Haka nan gwani yakan zare ɗan zare daga gefe ya kusanta shi da ashana. Auduga zalla tana ci da wuta ta bar toka mai laushi da ƙaurin takarda. In akwai roba a ciki, zaren zai narke ya dunƙule ya yi tauri. Rinin da aka yi domin auduga ba ya kama zaren foliyesta, don haka yadin da aka gauraya zai fito a koɗe kome gwanintar marini. Wannan laifin wanda ya sayo yadin ne, kuma ya fi sauƙi a gano shi da ashana ɗaya da a gano shi bayan an tsoma guda arba'in.

Sai alama, wadda a nan ne dabarar ta fi burge ni. Biro da alli ba sa tsira daga tukunya, takardar da aka maƙala kuwa ruwan farko ke tafiya da ita. Amma abin nan da ya zama aibi a jikin yadi, wato ƙin shan rini da foliyesta ke yi, shi ne ya zama abin dogaro a nan. Ana ɗaukar zaren ɗinki na foliyesta a yi 'yan ɗinke-ɗinke a kusurwa, ya shiga tukunya da launinsa ya fito da launinsa. Launin zaren ya nuna mai kaya, yawan ƙullin ya nuna launin da za a rina: ƙulli ɗaya shuɗi, biyu ruwan ƙasa, uku ruwan toka. Kuma ana sa alamar ne a bakin yadin duka biyu, farkonsa da ƙarshensa. In aka rage wani abu daga tsawon, dole alama ɗaya ta tafi da abin da aka yanke. Marini mai gaskiya shi ya fi kowa son wannan, domin a igiyarsa ta shanya kayan mutum biyar ne ko shida ke rataye, duk shuɗi, kuma shi ma yana da yaran da ba koyaushe idonsa ke kansu ba.

Takardar fita ba ta buƙatar ado. Littafi mai kabon ya isa, asali ya bi kaya, kwafi ya zauna a shago. Kowane kashi da lambarsa, kuma lambar nan ce za ta bi shi har a rufe shi. A kan takardar ana rubuta kwanan wata, da irin shaddar da sunan da ke saƙe a gefenta, da adadin guda, da tsawon kowace, da rabon launuka, da ladan kowace guda, da ranar da aka yi alkawarin dawowa, da tsawon da aka yarda kowace za ta dawo da shi. Ana kuma rubuta kuɗin da farin ya tsaya a ranar. Wanda ya karɓa ya ƙirga da hannunsa ya sa hannu ko ya dangwala. Sunan da ke gefen shadda da irin zanen da ke jikinta su ne ke kare mai shago daga musanya, domin bayan rini da sitaci da bugu, mai araha tana iya yin ƙyallin da za ta rikita wanda bai duba gefe ba.

Me ya sa ake dogaro da ƙirga da awon tsawo, ba a dogara da sikeli ba? Domin nauyi ba ya tsira daga aikin. Wankin farko yana fitar da abin da masaƙa ta shafa wa yadin, rini ya ƙara nasa, sitaci ko ƙaro ya ƙara, in kuma ba ta gama bushewa ba ruwa ma ya shiga lissafi. Ƙa'idar gwanaye ita ce a riƙe lissafi da ma'aunin da zai fita daga aikin yadda ya shiga, ko wanda an san gwargwadon sauyinsa. Ga mai kai gyaɗa a matse masa mai, sikeli ne ma'aunin. Ga mai kai yadi rini, ƙirga ce da tef.

Akwai kayan da ke fita ba sa dawowa da siffarsu, kuma lissafinsu ya fi wuya. Sau da yawa marini ke sa garin rininsa, a haɗa kuɗin cikin lada, mai shago ya huta. Amma wani mai shagon yakan ce shuɗinsa na musamman ne, shi zai kawo garin. A misalinmu, a ce gwaji ya nuna kowace guda tana cin giram 30, guda 20 ke nan giram 600, shi kuwa ya ba da leda mai giram 700. Ba wanda zai ƙirga garin da ya riga ya shiga jikin yadi. Abin da ake yi shi ne a lissafa daga baya: duk guda ɗaya da ta dawo, a cire giram 30 daga shafin marini. In 20 suka dawo, saura giram 100, ko dai a dawo da shi ko a rubuta shi a kan kashi na gaba. Da yake marina da yawa da cokali ko gwangwani suke awo, mai shago yakan auna cikin cokalin a sikeli sau ɗaya, daga nan su riƙa magana da ma'aunin da marini ya saba. Shaidar cewa garin ya shiga yadda aka ce kuwa tana jikin yadin: in an rage, launin zai fi samfur haske.

Yanzu kaya sun fara dawowa, kuma da wuya su dawo a tashi ɗaya. Ranar farko yaro ya kawo shuɗi 20. Gwani ba ya cewa a ajiye a gefe sai ya samu sarari. A gaban wanda ya kawo ake ƙirgawa, a duba alamar baki biyu, a warware, a auna. Ana fita da su hasken rana a ɗora samfur a kai, domin fitilar shago tana ruɗin ido. Ana jiƙa farin ƙyalle a goga a kusurwa. Ɗan shafi kaɗan ba abin mamaki ba ne ga launi mai duhu, amma in ƙyallen ya rine sosai, ba a ɗauraye rarar rinin ba, kuma zai zuba a jikin mai saye da 'yar cikinsa. A wannan dubawa 17 suka wuce, 3 suka fito dabbare-dabbare, alamar an cusa yadi da yawa a tukunya ko ba a juya su sosai ba.

A kan waɗannan ukun ne littattafai da yawa ke rikicewa. In aka rubuta cewa 20 sun dawo, sannan aka mai da uku da baki kawai, littafi zai ce babu shuɗi a waje alhali akwai. In kuma aka buɗe musu sabuwar takarda kamar sabon aiki, ranar biya za a ƙirga 23 a biya lada sau biyu a kan uku. Gwani yana rubuta cewa an karɓi 17, an mai da 3 gyara a ƙarƙashin lambar kashin nan, babu sabon lada. Shafin marini ya nuna saura 23 a hannunsa. Ya kuma san cewa abin da aka sake tsomawa yakan fi 'yan uwansa duhu, don haka in wani ya zo neman guda goma na anko, ba za a sa masa ko ɗaya daga ukun ba.

Bayan kwana biyu ruwan ƙasa 12 suka zo. Goma sha ɗaya lafiya, ɗaya da yagewa a tsakiya, a kan layin ninki, irin wadda ake samu in an buge yadi a kan gungumen da ke da tsaga ko tsakuwa ta shiga tsakani. Takardar fita ta nuna an duba farin tare ba a ga komai ba, don haka babu doguwar magana a kan inda abin ya faru. An rubuta 11 lafiyayyu, 1 lalatacciya. Saura 11 a waje. Zuwa na uku aka kawo guda 10, shuɗin nan uku da ruwan toka bakwai, yaron kuma ya ce an gama ke nan. Mai shago ya buɗe shafi ya juya masa.

"Ka ce wa Malam ina gaishe shi. Ruwan toka takwas na ba shi, bakwai na gani. Ya duba wajen masu bugu, jan zare ce, ƙulli uku."

Da yamma aka same ta a mabuga cikin kayan wani. Ba sata ba ce, ninki ne ya haɗa su. Amma da ba alama, da ba lamba, da ta tafi wani shagon, shi kuma wancan bai san ya karɓi ƙari ba sai ranar da ya ƙirga, in yana ƙirgawa. Wannan ya nuna wani abin da gwani ke tambaya tun farko: shin marini zai miƙa kayan ga wani? Yawanci yana miƙawa, ga mai bugu, ko ga matan da ke ɗaurin zane a gida in rinin na ɗauri ne. Mai shago ba ya buɗe wa kowannensu shafi. Mutum ɗaya ya sa hannu, shi ake tambaya, shi kuma ya riƙe nasa lissafin da waɗanda ya ba.

Da an samu wadda ta dawo inci 168 a cikin 'yan uwanta masu 180 da 181, da marini ba zai ce ruwa ne ba. Tsukewa tana bin yadi iri ɗaya da kusan gwargwado ɗaya, inci ɗaya ko biyu ne ke raba su. Guda ɗaya da ta yi nisa da sauran, ko dai tun a shago aka yanka ta ba daidai ba, ko an rage ta a hanya, kuma alamar baki biyu ce za ta raba gardamar. In alamun biyu suna nan, mai shago ya koma kan mai almakashinsa. Shi ya sa awon fita yake da nauyi daidai da awon dawowa.

To wa zai ɗauki asarar wadda ta yage? Malaman fiƙihun Malikiyya, a littattafan da ake karantawa a zaurukanmu irin su Risala da Muhtasar, sun daɗe da zama a kan wannan. Asalin abin da aka ba mutum amana shi ne ba ya biya sai in ya yi sakaci. Amma sun ware mai sana'ar da ya kafa kansa yana yi wa jama'a aiki, kamar marini da tela da maƙeri: abin da ya karɓa ya tafi da shi inda mai shi ba ya gani, yana wuyansa, sai in an samu shaida cewa ya salwanta ba da sa hannunsa ba. Kuma ƙimar da ake dubawa ita ce ta ranar da aka miƙa masa, wato kuɗin farin yadi, ba kuɗin da mai shago ya so ya sayar da rinannen ba. Ga amfanin rubuta farashin fari a takardar fita.

A misalinmu yadi naira 3,000 ne, guda mai inci 186 ta tsaya 15,500, ladan rini da bugu kuma 1,500 a kan kowace. Ke nan guda ɗaya da ta lalace ta cinye wa marini ladan guda goma. Mai shagon da ya san kasuwa yana da haƙƙin ya cire duka nan take, amma ba kasafai yake yi ba. Yakan bar wa marini yagaggiyar ya sayar wa mai ɗinkin yara, a raba cirewar kashi uku ko huɗu a kan ayyukan gaba, ko ma ya yafe wani abu in ya ga shekara guda ba a yi masa haka ba. Abin da ba ya yi shi ne ya bar maganar a iska. Ko yafewa ce, ana rubuta ta, domin sassaucin da ba a rubuta ba, bayan wata uku kowa da yadda zai tuna shi. Haka kuɗin kafin alƙalami: ana ba da abin da zai sayi itace da sinadari, a rubuta, sauran kuwa sai an ga kaya, tunda ba a cinikin biri a sama. Lada yana bin guda nawa aka karɓa lafiyayyu, ba guda nawa aka aika ba.

Sai lissafi na ƙarshe, wanda shi ne ke nuna ko an ci riba. Wanda ke lissafi da ka zai ce yadi biyar 15,000, lada 1,500, ta tsaya masa 16,500, ya sayar 18,000 yana murnar ribar 1,500. Littafi kuwa cewa zai yi a ƙara 500 na incin nan shida da aka ƙara saboda tsukewa, a ƙara kamar 300 na garin rini in an baza kuɗinsa a kan kashin duka, a ƙara kamar 200 na ɗan sahu zuwa da dawowa har sau uku. Ta tsaya 17,500, ribar 500 ce. In kuma mai shago ya ɗauki asarar yagaggiyar shi kaɗai, sauran 39 ne za su raba ta, kusan naira 400 kowace, ribar ta kusa ƙarewa. Duk waɗannan ƙananan kuɗaɗe a tsakanin fita da dawowa suke ɓuya, inda wanda ba shi da shafin marini ba zai taɓa ganinsu ba.

Manyan kamfanonin da ke aiki da kwamfuta ba wani abu daban suke yi ba. A manhajar ERPNext, misali, ana buɗe sito da sunan mai yin aikin, a tura kaya can da shigarwar da ake kira Send to Subcontractor, in sun dawo a yi Subcontracting Receipt, manhajar ta cire ɗanyen kayan da aka ci ta ɗora ladan aiki a kan kuɗin abin da aka gama. Shafin marini ne da takardar fita da ta karɓa. Kuma manhajar ba za ta san cewa wannan bandirin yana tsukewa inci biyar ba sai wani ya yi gwaji ya gaya mata, ba za ta kuma fita rana ta ɗora samfur a kan yadi ba.

Tsarin yana da inda yake rauni, gwanaye kuma sun san wuraren. Na farko shi ne gab da Sallah, lokacin da kowa ke sauri, ana aika kashi na biyu da na uku tun na farko bai rufe ba, kaya suna dawowa a gauraye. Maganinsa shi ne kowace dawowa a tambayi ta wace lamba ce, kuma kada a ba marini fiye da abin da zai iya gamawa a mako guda, kome yawan alkawarinsa. Na biyu damina, da shanya ke jinkiri, a ninke yadi da sauran danshi, ya kwana uku a leda ya fito da baƙaƙen ɗigo da wari. Tafin hannu da hanci ke kama wannan ranar karɓa, bayan mako guda kuwa ba mai karɓar ƙorafi. Na uku sauya bandir: gwajin da aka yi a kan wata shadda ba ya aiki a kan wata, ko da mai sayarwa ya rantse iri ɗaya ce. Na huɗu shi ne tsohon saura, guda ɗaya ko biyu da ke kwana a shafi wata da watanni ana cewa za a kawo. Saboda su ne mai shago ke zuwa marina da kansa ƙarshen wata, a gaisa, a sha ruwa, a fito da abin da littafi ya ce yana nan a gani da ido.

In kashi ya cika, wato lafiyayyu da lalatattu suka haɗu suka ba da adadin da ya fita, garin rini ya daidaita, aka biya saura, sai a ja layi a ƙarƙashin lambar a sa hannu biyu. Shafukan da aka rufe haka, in suka taru na shekara guda, suna gaya wa mai shago abin da ba zai samu a bakin kowa ba: wane marini ne ke cika ranar da ya faɗa, wane ne hannunsa ya fi kyau a launi mai duhu, wane ne gyaransa ke yawa in aiki ya wuce guda talatin. Da su yake raba aikin Sallah mai zuwa. Marinin ma da su yake kare kansa, domin ranar da zai nemi ƙarin lada, ba roƙo zai yi ba, cewa zai yi a buɗe shafinsa a ƙirga guda nawa ya taɓa ɓatarwa.